Daga megajul, tarm da BTU zuwa kilowat-awa: yadda ake karanta takardar kuɗin gas

Duk wanda ya taɓa sayen wuta a mita mai kati ya san kilowat-awa, ko da bai san sunanta ba. Ita ce muke ce wa yunit. Idan ka kunna dutsen guga mai jan wat dubu ɗaya ya yi awa ɗaya cur yana aiki, ka ci yunit ɗaya, wato 1 kWh. Mitar lantarki tana auna wannan kai tsaye, don haka abin da ta nuna shi ne abin da ka biya.

Gas ɗin da ake kaiwa gidaje ta bututu, kamar yadda ake yi a Birtaniya da Amurka da Ostareliya da Kanada, ba haka yake ba. Ɗalibin da ya kama hayar gida a Manchester zai ga takardarsa da kWh. Ɗan'uwansa da ke Chicago zai ga tasa da tarm, wanda ake rubutawa `therm`. Wanda ke Melbourne zai ga megajul, wato MJ, na Calgary kuma gigajul, wato GJ. Kowannensu yana biyan abu ɗaya ne, wato zafin da ke cikin gas ɗin, amma kowace ƙasa da mudunta. Kuma akwai abin da ya fi bambancin mudu rikitarwa: mitar gas ba ta auna zafi ko kaɗan. Yawan iskar da ta ratsa ta take ƙirgawa, kamar yadda mitar ruwan famfo ke ƙirga ruwa. Saboda haka a cikin kowace takardar gas akwai lissafi hawa biyu. Hawa ɗaya tsayayye ne, ba ya canzawa yau ko gobe. Ɗayan kuwa yana motsi daga wata zuwa wata, daga gari zuwa gari. Yawancin ruɗanin da mutane ke shiga daga cakuɗa waɗannan biyun yake tasowa.

Mu fara da tsayayyen, don shi ne mai sauƙi.

Jul shi ne ƙaramin ma'aunin makamashi, kuma wat ɗaya na nufin jul ɗaya a kowace daƙiƙa. Kilowat wat dubu ne, awa kuma daƙiƙa 3,600 ce. Ka ninka dubu da 3,600, ka sami jul miliyan 3.6. Jul miliyan ɗaya shi ne megajul. Ke nan kilowat-awa ɗaya daidai take da megajul 3.6, babu ragowa, babu kintace. Wanda takardarsa ta zo da MJ sai ya raba da 3.6 kawai. Gigajul kuma megajul dubu ne, don haka GJ ɗaya kusan 278 kWh ne.

BTU daga tsohon tsarin awon Turawan Ingila ya fito. Asalinsa shi ne zafin da ake buƙata a ɗaga zafin ruwa mai nauyin fam ɗaya, wato ƙasa da rabin kilo kaɗan, da digiri ɗaya a ma'aunin Farenhait. Ɗan ƙaramin abu ne, kwatankwacin zafin tsinken ashana guda idan ya ci har ƙarshe. A lissafin yau BTU ɗaya kusan jul 1,055 ne, kuma sai an tara BTU 3,412 kafin a sami kilowat-awa ɗaya. Da yake ya yi ƙanƙanta ga harkar sayar da gas, sai aka ɗaure shi dami-dami: BTU dubu ɗari shi ne tarm ɗaya. Tarm ɗaya kusan megajul 105.5 ne, wanda idan ka raba da 3.6 zai ba ka 29.3 kWh.

```
kWh = MJ ÷ 3.6
kWh = therm × 29.3
kWh = BTU ÷ 3412
```

Wani zai duba littafi ya ga 29.307, wani ya ga 29.300, su yi ta musu. Dukansu suna da gaskiya. Zafin da ruwa ke sha kafin ya hau digiri ɗaya ya ɗan bambanta gwargwadon inda ya fara hawa, shi ya sa aka sami ma'anar BTU fiye da ɗaya, kuma tarm ɗin Amurka ya ɗan gaza na Turai. Bambancin bai kai kashi ɗaya cikin dubu ba. A takardar gida ba zai sayi ko ashanar da muka ambata ba, don haka 29.3 ya ishe ka.

Inda ake yin tuntuɓe na gaske shi ne harafin M. A tsarin awo na duniya, M babba na nufin miliyan, kamar yadda yake a MJ. Amma a harkar gas ta Amurka M na nufin dubu, daga lambar Rumawa. Shi ya sa suke rubuta MMBtu, wato dubu sau dubu, idan suna nufin BTU miliyan ɗaya. MMBtu ɗaya tarm goma ne, kusan 293 kWh. Idan ka ga MBtu da M guda, kada ka yi saurin lissafi, ka fara tabbatar da wanda ake nufi, domin kuskuren nan na ninki dubu ne. Mai bin labaran makamashi a Najeriya ya saba jin farashin gas ɗin da ake sayar wa tashoshin lantarki a dala kan kowane MMBtu. To ma'aunin ke nan, kuma raba farashin da 293 zai nuna masa nawa ne zafin kilowat-awa ɗaya tun kafin a mayar da shi wuta.

Yanzu ga hawan da ke motsi. Zan ɗauki takardar Birtaniya, domin a can kamfanoni na buga dukan lissafin a jikin takardar, kowa na iya bi ya gani.

A ce a farkon wata mitarka na nuna 04512, a ƙarshensa kuma 04662. Bambancin 150 ne, kuma idan an rubuta m3 a fuskar mitar, to ka sha kubik mita 150 na gas. Wannan faɗin wuri ne kawai, bai faɗa maka zafi nawa ke ciki ba. Mudun gero da aka danna da wanda aka zuba sakwa-sakwa ba ɗaya ba ne, kuma iska ta fi gero wannan hali nesa. Idan ta yi sanyi ko aka matsa ta, takan tsuke, sai kubik mita ɗaya ya ɗauki gas mai yawa. Idan ta yi ɗumi ta buɗe, ya ɗauki kaɗan. Don haka aka tsayar da yanayi guda da za a riƙa mayar da kowane awo zuwa gare shi: zafi digiri 15 a ma'aunin Salsiyus, da matsin iska milibar 1013.25. Gas ɗin da ke isa mitar gida yana zuwa da ƙarin matsi na kusan milibar 21, kuma galibi ya ɗan fi digiri 15 sanyi, ke nan ya ɗan fi cunkushewa. Dokar da aka yi a 1996 kan lissafin zafin gas ta tsayar da lamba ɗaya ga gidaje don gyara wannan, ita ce 1.02264. Ka ninka 150 da ita, ka sami kusan 153.4.

Ka lura cewa wannan lambar matsakaici ce ta ƙasa baki ɗaya. Mai gida a kan tudu, inda matsin iska ya ragu, da mai gida a bakin teku, duk da ita ake yi musu lissafi. Wani yana ɗan cin riba, wani yana ɗan asara, ba tare da ya sani ba. A ganina ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne, domin sanya na'urar auna zafi da matsi a kowane gida zai fi abin da ake jayayya a kansa tsada. Manyan masana'antu ne ake sanya wa irin wannan na'ura, saboda a wurinsu kashi ɗaya cikin ɗari kuɗi ne na gaske.

Mataki na gaba shi ne ƙarfin zafin gas ɗin, wanda takardar ke kira `calorific value`. Yana faɗin megajul nawa ke cikin kowane kubik mita. Gas ɗin bututu ba abu ɗaya ba ne tsantsa. Mafi yawansa mitan ne, amma akwai itan da furofen a ciki, waɗanda ke ƙara masa zafi, da kuma naitirojin da iskar kabon da ke rage shi. Gas ɗin da ya fito daga Tekun Arewa, da wanda ya zo ta bututu daga Norway, da wanda aka sanyaya ya zama ruwa jirgin ruwa ya kawo daga Katar ko Amurka, kowanne da haɗinsa. Shi ya sa ake auna ƙarfin a kullum a wurare daban-daban na bututun ƙasar, kuma a Birtaniya yana tsakanin 37.5 da 43 megajul a kubik mita. Kamfanin da ke sayar maka yakan ɗauki matsakaicin kwanakin da takardar ta ƙunsa a yankinku. A misalinmu mu ce 39.5 ne.

```
150 × 1.02264 × 39.5 ÷ 3.6 = 1683 kWh
```

Idan ka bi shi sannu a hankali, 153.4 sau 39.5 ya ba da kusan megajul 6,059, sannan raba da 3.6 ya sauko da shi zuwa 1,683 kWh. Ka ga ashe takardar Birtaniya ma ta megajul take bi, sai dai ba ta tsaya a nan ba. Da a Melbourne gidan yake, da an tsaya a 6,059 MJ an sa farashi. Da a Chicago ne, da an rubuta tarm 57.4. Ɗan kasuwar gas kuwa zai ce 5.74 MMBtu. Gas ɗaya ne, zafi ɗaya, sunaye huɗu.

Don ka ga nauyin wannan lamba mai motsi, sake lissafin da 37.5, za ka sami kusan 1,598 kWh. Ka sake da 43, za ka sami 1,832. Mitar ta juya daidai wa daida, amma tazarar ta haura 230 kWh. Ba cuta ba ce. Gas mai ƙarfi yana tafasa ruwa da ɗan kaɗan, mitar ta juya a hankali. Mai rauni kuma sai an ƙona da yawa. Biyan zafi maimakon biyan faɗin iska shi ne ya fi adalci. Abin da wannan ke nufi ga mai lissafi shi ne kada ya ɗauko lambar wata takarda, ko ta wani gari, ya ɗora a kan tasa. Duk na'urar lissafin da ta ce maka kubik mita ɗaya kilowat-awa kaza ne, ba tare da ta tambaye ka ƙarfin zafin gas ɗinka ba, kintace take yi.

Akwai kuskure ɗaya da ya fi duk waɗannan cin kuɗi, kuma yana da sauƙin ganewa idan ka san inda za ka duba. Har yanzu akwai tsofaffin mitoci a gidajen Birtaniya da ke ƙirga da ƙafa, ba da mita ba. A fuskarsu za ka ga ft3, kuma galibi lambobi huɗu ake karantawa, saɓanin biyar na sabuwar mita. Kowace lamba ɗaya da irin wannan mita ta ƙara na nufin kubik ƙafa ɗari, wanda ya yi daidai da kubik mita 2.83. Saboda haka lissafinta yana da ƙarin mataki a farko, ninkawa da 2.83. Gas ɗin da sabuwar mita ta ƙirga 150, tsohuwar 53 kacal za ta nuna.

To ka ɗauka an cire tsohuwar mitar an sa sabuwa, amma bayanan da ke hannun kamfani ba a gyara su ba. Kai ka aika musu da 150 na kubik mita, su kuma suka ɗauka ɗari-ɗarin ƙafa ne, suka ninka da 2.83. Maimakon 1,683 kWh sai a rubuta maka kusan 4,763. Ka biya kusan ninki uku na abin da ka sha. Idan kuskuren ya juya, wato mitarka ta ƙafa ce ana yi maka lissafin mita, za ka yi ta biyan kaɗan kana murna, har ranar da aka gano, bashi ya biyo baya.

Gwajin da nake ba mutane shawara shi ne wannan: ka ɗauki kWh da aka rubuta maka, ka raba da adadin da mitar ta ƙara. Idan amsar ta faɗo kusa da 11, lissafin mita aka yi maka. Idan ta faɗo kusa da 32, na ƙafa aka yi. Sai ka je ka leƙa fuskar mitar. Idan an rubuta m3 kuma amsarka 32 ce, ka ɗauki hoton mitar da lambarta ta jiki, ka kwatanta da lambar mitar da ke kan takardar, ka kira kamfanin. Sau da yawa za ka tarar lambobin biyu ma ba su dace ba, wanda shi kansa hujja ne. Ka kuma duba ko karatun da aka yi amfani da shi na gaske ne ko ƙiyasi, domin takardu kan nuna wannan da harafi ko kalma kusa da lambar, kuma babu amfanin tace lissafi har gurbi biyar a kan adadin da aka zata.

A Amurka tsarin ɗaya ne, sai dai an dunƙule shi. Mita na ƙirga CCF, wato kubik ƙafa ɗari, sannan a ninka da lamba guda da ta haɗa ƙarfin zafi da gyaran matsi, a sami tarm. Kubik ƙafa ɗaya na gas ɗin can yana ɗauke da BTU dubu da ɗan ɗoriya, don haka CCF ɗaya ya ɗan fi tarm ɗaya. Idan mita ta ƙara 55 kuma lambar ninkin 1.037 ce, tarm 57 ke nan, sau 29.3 ya ba da kusan 1,670 kWh. Wannan kusancin ne ke sa mutane ɗaukar CCF da tarm a matsayin abu ɗaya. A gari mai tudu sosai kamar Denver, inda iska ba ta da nauyi, lambar ninkin kan sauka ƙasa da ɗaya, kuma wanda ya yi watsi da ita zai ƙara wa kansa gas ɗin da bai sha ba. Wasu kamfanonin kuma da Mcf suke rubutawa, kubik ƙafa dubu, ga M ɗin Rumawa ya sake dawowa.

Farashi shi ma ana juya shi, amma ta bayan hannu, kuma nan ma ana faɗawa rami. Adadin MJ raba shi ake yi da 3.6, amma farashin MJ ninka shi ake yi, tunda sai ka sayi megajul 3.6 kafin ka cika kilowat-awa ɗaya. A ce ana sayar da megajul kan santi 4, kilowat-awa ta kama santi 14.4. Tarm kuwa ya fi kilowat-awa girma, don haka farashinsa raba shi za ka yi: dala ɗaya da rabi kan tarm ya zama santi 5 da ɗan kai a kowace kilowat-awa. Waɗannan farashi na misali ne, ka ɗauki naka daga takardarka. Kuma ka ware kuɗin da ake cajin ka kullum don kawai an haɗa ka da bututu, domin shi ba ya cikin farashin yunit, ko ka kunna ko ba ka kunna ba za ka biya.

Dalilin da ya sa yawancin mutane ke wannan wahala shi ne su kwatanta gas da lantarki, su ga wanne ya fi araha wajen girki ko ɗumama ɗaki. A nan ne lissafin da ya yi daidai zai iya kai mutum ga hukuncin da bai yi daidai ba. Wancan 1,683 kWh zafin da ke cikin gas ɗin ne lokacin da ya shigo gidanka. Abin da ya isa ruwan wanka ko ɗakin kwana bai kai haka ba. Idan tukunyar ɗumama ruwan gidan tsohuwa ce mai kama kashi 70 cikin ɗari, 1,178 kWh ka amfana da shi, sauran ya bi bututun hayaƙi. Sabuwa mai kama kashi 90 za ta ba ka kusan 1,515. Murhun girki ya fi su ɓarna, domin harshen wuta yana lasar gefen tukunya, rabin zafin ko fiye ya tafi a iska. Hita ta lantarki kuwa kusan duk yunit ɗin da ta ja zafi yake zama a cikin ɗakin. Saboda haka kafin ka kwatanta, ka raba farashin gas da kason da na'urarka ke kamawa. Gas na santi 5 a tukunya mai kashi 70 ya zama santi 7 da ɗoriya a kan zafin da ya iso gare ka.

Wani lokaci za ka ga an tallata tukunyar ɗumama ruwa da cewa tana kama fiye da kashi ɗari, ka ce wannan ƙarya ce tsagwaronta. Ba ƙarya ba ce, mudu ne daban. Idan gas ya ƙone yana fitar da tururin ruwa, kuma tururin nan yana riƙe da zafi. Akwai awon da ke ƙirga zafin tururin, akwai wanda ke barin sa, kuma tazarar da ke tsakaninsu kusan kashi goma cikin ɗari ce. Takardar kuɗin gas da babban awon take aiki, mai haɗawa da tururi. Mai ƙera tukunyar da ke sanyaya hayaƙinta ta ƙwato zafin tururin, idan ya auna kansa da ƙaramin awon, sai ya haura ɗari. Idan za ka haɗa lambarsa da takardarka, ka nemi wadda aka yi bisa babban awon.

Mu a Kano ko Maraɗi ba takardar wata-wata ake kawo mana ba, tukunyar gas muke kaiwa a cika da kilo. Gas ɗin ma daban ne, butan da furofen ne da aka matsa suka zama ruwa. Amma tunda da nauyi ake sayar da shi, an huta da maganar zafi da matsi, domin kilo kilo ne ko da rani ko da hunturu. Kilo ɗaya yana ɗauke da kusan megajul 49 zuwa 50 a babban awo, wato ƙasa da 14 kWh kaɗan, don haka tukunya mai kilo 12.5 tana da kusan 170 kWh a cikinta. Ka raba kuɗin cikawa da 170, sannan ka tuna da abin da murhu ke zubarwa a iska, kafin ka ajiye shi kusa da farashin yunit ɗin wuta.

BTU kuma mun fi ganin sa a jikin na'urar sanyaya ɗaki, inda ake rubuta 12,000 BTU a kan wadda 'yan kasuwa ke kira mai doki ɗaya da rabi. Wannan BTU ne a kowace awa, an dai yanke wutsiyar ne wajen rubutu. Raba shi da 3,412 zai ba ka kilowat 3.5, amma wannan zafin da na'urar ke kwashewa daga ɗakin ne, ba wutar da take ja ba. Abin da take ja daga mita kusan sulusin haka ne, kuma yana rubuce dabam a jikin takardar da aka manna mata a gefe, da wat.